Aiki daga gida: jimloli huɗu da ya kamata ma'aikaci ya duba kafin ya sa hannu

Tun daga shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta rufe ofisoshi, kamfanoni da ƙungiyoyin agaji da dama suka saba da barin ma'aikatansu su yi aiki daga gida. Wannan ya buɗe ƙofa ga matasan da ke Garwa, Marwa, Njamena ko Kumasi, waɗanda yanzu suke iya yi wa wani kamfani na Duwala, Abijan ko Paris aiki ba tare da sun bar garinsu ba. Sai dai kusan duk wanda ya sami irin wannan aiki, ana turo masa wata takarda ta ƙa'idojin aiki daga gida, shafi biyu ko uku, a ce ya sa hannu. Galibi mutum yakan duba albashi a kwantiragi, ya sa hannu a wannan takarda ba tare da ya karanta ta da kyau ba. Ga shi kuwa a cikinta ne ake fayyace lokacin tashi daga aiki, da wanda zai biya idan kwamfuta ta lalace, da wanda za a ɗora wa laifi idan bayanai suka fita.

Domin a ga yadda abin yake a zahiri, a ɗauki misalin wata mai lissafin kuɗi da ke zaune a Garwa, a arewacin Kamaru. Wani ƙaramin kamfani da ke Paris ya ɗauke ta aiki, tana shirya takardun biyan kuɗi tana kuma kula da bayanan abokan cinikinsa. Takardar da aka turo mata tana ɗauke da jimloli huɗu da ake yawan gani a irin waɗannan takardu. Ta farko ta ce za ta yi aiki a lokutan da ofis ya saba. Ta biyu ta ce dole a riƙa samunta duk lokacin da buƙata ta taso. Ta uku ta ce ita ce za ta tanadi wurin aiki mai dacewa da intanet mai kyau. Ta huɗu ta ce alhakin tsaron bayanan kamfani yana wuyanta. Kowace jimla tana da kyau a ido, amma babu ko ɗaya da ta faɗi abin da za a iya aunawa.

Wace doka ce ke aiki?

Kafin a shiga jimlolin, akwai tambayar da ke gaba da su. Yawancin irin waɗannan takardu a ƙasashe masu amfani da Faransanci an kwaikwayo su ne daga tsarin Faransa, inda sashe na L1222-9 na kundin dokar ƙwadago ya lissafa abubuwan da dole takardar ta ƙunsa. Daga ciki akwai sharuɗɗan fara aiki daga gida da na komawa ofis, da yadda za a riƙa lissafin lokacin aiki ko nauyinsa, da kuma sa'o'in da mai kamfani zai iya tuntuɓar ma'aikaci a cikinsu. Wannan jeri yana da amfani a matsayin ma'auni, amma dokar Faransa ba ta bin mutum har Garwa don kawai kamfanin na Paris ne. A bisa ƙa'ida, inda mutum yake gudanar da aikinsa kullum yana da nauyi sosai wajen tantance dokar da ke kare shi.

A Kamaru, dokar ƙwadago ta shekarar 1992 ta kayyade sa'o'i 40 a mako ga ayyukan da ba na noma ba, kuma an rubuta ta ne tun kafin aiki ta intanet ya zama ruwan dare. A Nijar ma sa'o'i 40 ne a dokar 2012, haka kuma a Gana a dokar 2003. Inda doka ba ta yi bayani dalla-dalla kan aiki daga gida ba, abin da aka rubuta a takarda shi ne zai fi yin tasiri ranar da saɓani ya taso. Shi ya sa ya kamata takardar ta faɗi dokar ƙasar da za a bi, ta kuma faɗi ko mutumin ma'aikaci ne mai albashi ko kuwa mai zaman kansa ne da ake biya bisa aikin da ya kammala. Bambancin babba ne. Ma'aikaci a Kamaru yana da haƙƙin a yi masa rajista a asusun CNPS, yana da hutun shekara, yana da kuɗin ƙarin lokaci. Mai zaman kansa ba shi da waɗannan, amma kuma bai kamata a ɗaure shi da sa'o'in ofis ba. Idan takarda ta kira mutum mai zaman kansa sannan ta ce ya zauna gaban kwamfuta daga safe zuwa yamma ƙarƙashin umarnin shugaba, to an ɗora masa nauyin ma'aikaci an hana shi haƙƙinsa.

Sa'o'in aiki: agogon wa?

Jimlar farko ta ce "lokutan da ofis ya saba". Matsalarta ita ce agogon Faransa yana sauyawa sau biyu a shekara, na Kamaru kuwa ba ya motsi. Daga Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba zuwa Lahadin ƙarshe ta watan Maris, agogon Paris da na Garwa ɗaya ne. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuwa, Paris tana gaba da sa'a guda. Ke nan taron da ake yi ƙarfe 9 na safe a Paris, ƙarfe 9 ne a Garwa a watan Janairu, amma ƙarfe 8 ne a watan Yuni. Ga wanda ke Kumasi abin ya fi haka, domin taron zai faɗo masa ƙarfe 8 a Janairu, ƙarfe 7 a Yuni. Uwar da ke kai yara makaranta da safe za ta ji wannan sa'a guda a jikinta, kuma idan ta makara, takardar da ta sa wa hannu ba ta ba ta wata hujja ba.

Gyaran mai sauƙi ne. A rubuta sa'o'in da lambobi, a kuma ambaci agogon garin da ake nufi. A misalin nan, ana iya cewa daga Litinin zuwa Alhamis za ta yi aiki daga ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma agogon Garwa, da hutun sa'a guda a tsakiya, wato sa'o'i 8 a rana, 32 a kwana huɗu. Ranar Juma'a kuma daga 8 zuwa 12 da rabi, sannan daga 2 da rabi zuwa 6 na yamma, wanda shi ma sa'o'i 8 ne. Jimilla 40 cif. Tsarin Juma'ar yana da amfani ga duk wanda ke zuwa masallaci ko mai hidimar gida a wannan lokaci, kuma gara a rubuta shi tun farko da a riƙa neman izini kowane mako.

Haka batun ranakun hutu yake. Kamfanin Paris yana rufewa ranar 14 ga Yuli, Kamaru kuwa tana hutun 11 ga Fabrairu da 20 ga Mayu da ranakun sallah biyu. Idan takarda ba ta faɗi kalandar da za a bi ba, ma'aikaciyar tana iya samun kanta tana aiki ranar sallah. Sai kuma ƙarin lokaci: takarda mai kyau takan ce ba a yin sa sai da izinin shugaba a rubuce, ta kuma faɗi inda ake rubuta sa'o'in da aka yi. Wannan yana kare ɓangarorin biyu, domin ma'aikaci yana da shaida, kamfani kuma ba zai wayi gari da lissafin da bai sani ba.

Samuwa: bambancin aiki da jiran kira

Jimla ta biyu ita ce mafi haɗari, domin "duk lokacin da buƙata ta taso" ba shi da bakin iyaka. A ce shugabanta ya saba turo saƙo ta WhatsApp ƙarfe 9 na dare yana tambayar wata takardar biya, ita kuma ta buɗe kwamfuta ta duba ta amsa cikin minti 20. Abin bai kai a yi ƙorafi a kai ba a dare ɗaya. Amma minti 20 a kwanakin aiki 22 ya zama minti 440, wato sa'o'i 7 da minti 20, kusan yinin aiki guda a kowane wata wanda ba a biya ba. Ban da wannan, mutumin da ke sauraren ƙarar waya ba ya samun cikakken hutu ko da ba a kira shi ba.

Abubuwa uku ne ake cakuɗawa a nan, kuma takarda mai kyau takan raba su. Na farko shi ne lokacin aiki, wanda aka riga aka ƙayyade. Na biyu shi ne sa'o'in tuntuɓa a cikin lokacin aikin, wato lokacin da dole ma'aikaci ya ɗauki waya ko ya shiga taro, misali daga 9 zuwa 12 na rana da kuma daga 2 da rabi zuwa 4 da rabi. Sauran lokacin na aikin da ke buƙatar natsuwa ne. A nan ne kuma ake faɗin saurin amsa, kamar a ce kiran waya a mayar da shi cikin minti 30, imel kuwa kafin ƙarshen ranar aiki ta gaba. Na uku shi ne jiran kira bayan an tashi. Dokar Faransa ta ware wannan a matsayin abu mai zaman kansa: wanda aka sa jiran kira sai an saka masa da kuɗi ko da hutu, kuma duk lokacin da ya tashi ya yi aikin ana lissafa shi a matsayin cikakken aiki.

Tun daga watan Janairun 2017 Faransa ta shigar da haƙƙin kashe na'ura bayan aiki cikin dokarta, kuma a 2021 ƙasar Fotugal ta yi dokar da ta hana mai kamfani tuntuɓar ma'aikaci a lokacin hutunsa sai da larura mai ƙarfi. Mai lissafin Garwa ba lallai ta iya kafa hujja da waɗannan dokoki ba, amma tana iya neman a rubuta jimla guda: saƙon da ya iso bayan lokacin aiki za a ɗauka ya iso ne da safiyar ranar aiki ta gaba, kuma rashin amsa shi ba laifi ba ne. Idan kamfani yana buƙatarta da dare a ƙarshen wata lokacin rufe lissafi, sai a faɗi ranakun, da sa'o'in, da abin da za a biya.

Akwai kuma abin da takardun da aka kwafo daga Turai ba sa tunawa da shi, wato yankewar intanet da ɗaukewar wuta. Ranar 14 ga Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga matsala ta kwanaki. A Cadi an toshe shafukan sada zumunta daga Maris na 2018 zuwa Yuli na 2019. Ya kamata takarda ta faɗi abin da ma'aikaci zai yi a irin wannan hali: ya sanar da shugabansa ta gajeren saƙon waya cikin sa'a guda, ya ci gaba da aikin da ba ya buƙatar intanet, kuma a fayyace ko sa'o'in da suka salwanta za a rama su ko a'a. In ba haka ba, ana iya ɗaukar yankewar da ba laifinsa ba a matsayin ƙin zuwa aiki.

Kayan aiki: wa zai saya, wa zai gyara?

Jimla ta uku ta ɗora komai a kan ma'aikaciya ba tare da ta ambaci ko sefa ɗaya ba. A Paris wannan ba ya da nauyi sosai, domin yawancin gidaje suna da intanet marar iyaka da wutar da ba ta cika ɗaukewa ba. A Garwa kuwa lissafin daban ne. Taron bidiyo yakan ci wajen giga guda a sa'a, ya danganta da ingancin hoto. Idan tana yin sa'o'i biyu na taro kowace rana, a kwana 22 za ta ƙone wajen giga 44, ban da imel da sauke takardu.

Wuta ma haka. Kwamfutar cinya takan ja wajen wat 60 idan tana caji, na'urar rarraba intanet kuma wajen wat 10. Wat 70 na tsawon sa'o'i 8 ya zama 560. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗaukar 1,200, amma irin na gubar dalma ba a so a zuƙe fiye da rabinsa in ana son ya daɗe, wato 600 ke nan. Idan aka cire abin da inbata ke cinyewa, da ƙyar batir ɗaya zai kai ta yini guda babu wuta, kuma ba a sa fanka a lissafin ba, a garin da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40. Da irin wannan lissafi ake zuwa teburin tattaunawa, domin shugaban da ke Paris ba lallai ya taɓa tunanin batir ba.

Dokar Sifaniya ta 2021 kan aiki daga nesa ta tanadi cewa yarjejeniyar ta ƙunshi jerin kayan da aka ba ma'aikaci da kuma kuɗaɗen da zai kashe da yadda za a biya shi. Wannan tsari ne da kowa zai iya ara. A rubuta kowane kaya da lambarsa da ranar da aka miƙa shi da halin da yake ciki. A faɗi adadin kuɗin intanet da wuta a wata, da ranar biyansa, da ko sai an kawo rasit. A bambanta lalacewar da amfani na yau da kullum ke jawowa, wadda ke kan kamfani, da ta sakaci. A faɗi abin da za a yi idan an sace kwamfutar, da wanda zai biya kuɗin aikawa da na kwastan idan za a mayar da ita ranar da aiki ya ƙare. Jimlar da ta ba kamfani damar cire kuɗin kaya kai tsaye daga albashi ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin dokokin ƙwadago sukan taƙaita abin da za a iya cirewa daga albashin ma'aikaci.

Tsaron bayanai: umarni maimakon barazana

Jimla ta huɗu ta ce alhakin tsaro yana wuyanta, amma ba ta faɗi abin da za ta yi ba. A dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda masu Faransanci ke kira RGPD kuma ta fara aiki a watan Mayun 2018, kamfanin ne ke da alhakin bayanan abokan cinikinsa, ba zai iya sauke shi a kan ma'aikaci da jimla ɗaya ba. Abin da zai iya yi shi ne ya ba da umarni bayyananne tare da kayan da za a bi umarnin da su.

Umarnin da ke da amfani kaɗan ne, kuma kowanne ana iya duba ko an bi shi. A kulle ma'ajin kwamfutar ta yadda ɓarawo ba zai iya karanta abin da ke ciki ba ko da ya ciro shi, da BitLocker a Windows ko FileVault a Mac. Allon ya riƙa kulle kansa bayan minti biyar ba a taɓa shi ba. Shiga asusun aiki ya zama da mataki biyu, kalmar sirri da kuma lambar da ke fitowa a waya. A shiga rumbun kamfani ta VPN kawai. Kada a tura takardun abokan ciniki ta WhatsApp ko imel na ƙashin kai.

A nan ma yanayin wurin yana da tasiri. A gidan da ake zaune da ƙanne da 'ya'yan 'yan uwa, hana yaro taɓa kwamfuta yana da wuya idan babu rubutacciyar doka da mutum zai nuna. Wanda ba shi da firinta a gida yakan kai takarda shagon buga takardu, kuma kwafinta yakan zauna a kwamfutar shagon bayan ya tafi. Idan kwamfuta ta lalace, mai gyara na kasuwa yakan nemi kalmar sirri don ya gwada ta. Takarda mai kyau takan ambaci waɗannan ukun da sunansu, ta kuma ba da mafita, kamar a sayo mata firinta, a kuma faɗi wanda za ta kira kafin ta kai gyara.

Mafi muhimmanci shi ne abin da za a yi idan ɓarna ta auku. RGPD ta ba kamfani sa'o'i 72 daga lokacin da ya san bayanai sun fita ya sanar da hukuma, wadda a Faransa ita ce CNIL, sai dai in fitar ba ta da wani haɗari ga mutanen da abin ya shafa. A ce an sace jakar mai lissafin a tasha ranar Juma'a da yamma. Idan takardar cike take da barazanar kora, za ta iya yin shiru har Litinin tana fatan a gano jakar, alhali a waɗannan kwanaki ne ya kamata a sauya kalmomin sirri a kuma rufe asusunta. Idan kuwa takardar ta ba ta lambar da za ta kira ko da a ƙarshen mako ne, ta ce ta sanar nan take kuma kada ya wuce sa'o'i 24, ta kuma tabbatar cewa kai rahoto da wuri ba zai jawo hukunci ba, to za a iya toshe ƙofar a daren. Idan ma'ajin a kulle yake, asarar ba za ta wuce ta ƙarfen kwamfutar ba.

Tsaro kuma bai ba kamfani izinin leƙen gidan mutum ba. CNIL ta bayyana cewa sa ido na dindindin, kamar tilasta barin kyamara a kunne yini guda ko sanya manhajar da ke naɗe duk abin da aka buga a madannai, ya wuce gona da iri. Ma'aikaci yana da dalilin neman a rubuta masa abin da ake naɗewa a kwamfutar, da wanda ke ganinsa, da tsawon lokacin da ake ajiye shi.

Kafin sa hannu

Hanyar gwada kowace jimla ɗaya ce: idan saɓani ya taso, shin wani na uku zai iya karanta ta ya ce an bi ko ba a bi ba? "Intanet mai kyau" ba ta cin wannan gwaji, amma adadin kuɗin da za a biya a ranar kaza ga wata yana ci. Ya kamata kuma takardar ta faɗi yadda ake sauya ta, domin wasu kamfanoni sukan rubuta cewa suna iya gyara ƙa'idojin a kowane lokaci, wanda ke nufin duk abin da aka daidaita a kai yana iya gushewa da imel guda. Neman sanarwar wata guda a rubuce kafin kowane sauyi abu ne da aka saba gani. Idan takardar tana da harsuna biyu, a faɗi wanda za a bi in fassarar ta saɓa. Wanda ke da shakka kan wata jimla yana iya kai ta ofishin sufeton ƙwadago na yankinsa ko wurin ƙungiyar ƙwadago kafin ya sa hannu, sannan ya ajiye kwafin da ɓangarorin biyu suka sa wa hannu a wani wuri da ba kwamfutar kamfanin ba, domin ranar da aiki ya ƙare ita ce abu na farko da za a rufe.